Kalma Ɗaya a Takardar Tambarin Yajina

Shekara goma sha tara ina daka yaji a gidanmu na unguwar Uwani a Inugu ina rabawa kyauta, kafin wata mai shago a kasuwar Kenyatta ta ce za ta ba ni gefen kanta guda. Sharaɗinta ɗaya ne: kowace kwalba ta zo da tambari, wanda mai wucewa zai gani ya san abin da ke ciki. Ta ba ni mako uku, in ba haka ba ta ba wata.

Aka haɗa ni da wani mai zane, Bahaushe, da ke aiki shi kaɗai a Rumuokoro, can Fatakwal. Ya ce ba ya fara zane sai na rubuta masa bayani: sunan sana'a, launukan da nake so da waɗanda ba na so, girman sitika, inda za a manna ta, da su wa za su saya. Gyara sau biyu ne a cikin kuɗin aikin. Ni da ko wasiƙa ke ba ni ciwon kai, sai da na cika shafi biyu. Amma a kan masu saye kalma ɗaya na rubuta: mutanenmu.

Bayan kwana biyar zane ya iso. Dagin Arewa ne a tsakiya, “Yaji” da manyan baƙaƙe, ga ajami a ƙasa. Ya yi kyau har na ji ƙwalla. Na ruga na nuna wa maƙwabciyata, 'yar ƙabilar Ibo, wadda ta fi kowa cinye mini yaji. Ta juya wayar sama da ƙasa, ta ce, “Na perfume?” Wai ko turare ne.

Haushi ya kama ni, na kira mai zanen.

“Malam, wannan ai ba mai saye. Matan nan suya pepper suka sani.”

“Hajiya, mutanenmu kika rubuta. Na ɗauka Hausawa kike nufi.”

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga gaskiyarsa. Lokacin da nake rubutun, matan layinmu nake gani a raina, waɗanda suka riƙe mini yara ran da na haihu, suka zauna da ni ran da aka yi mini rasuwa. Ban taɓa lura cewa kalmar ta sauya mini ma'ana ba, kuma na ji kunyar hakan, ban san ko ta wa ba.

Na sake rubuta sashen dalla-dalla: matan Inugu masu gasa kifi da kaza a gida, ba sa jin Hausa. A sa barkono da tsinken tsire, “Suya Pepper” babba, “Yaji” ƙarami, yadda zai karantu a ƙaramar sitika. Wannan zanen ne ya hau kanta, saura kwana biyu wa'adin ya cika.

Da ya turo na ƙarshe, na ba shi haƙuri kan dagin da na sa ya cire, na ce na san abin gida ne.

Ya yi dariya ya ce, “Hajiya, a Fatakwal aka haife ni, sau biyu na taɓa zuwa Kano. Don ke na sa shi, na zaci ke ce 'yar can.”