Baba Watakila da Shirin Zannuwan Gado

A asibitin babu wanda yake kiran shugaban sashen wanki da sunansa na yanka. Tun daga masu gadi har manyan likitoci, Baba Watakila suke ce masa, shi kuma ya amsa ba tare da ya ɓata rai ba. Ko ruwa ake tsugawa ka tambaye shi ko yau shanya za ta bushe, sai ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce watakila dai da wuya. Matarsa takan ba da labarin ranar da ya je neman aurenta, wai cewa ya yi yana ganin kamar yana sonta, sai da ta ce ya je ya tabbatar tukuna ya dawo.

Halin yana da tushe. Mahaifinsa tela ne mai hannu, amma bakinsa ya fi ƙafar kekensa sauri. Duk wanda ya kawo ɗinki gobe ake ce masa, goben ta yi ta tafiya har mai kaya ya zo ƙofar gida yana zage-zage, shi kuwa ɗan fari shi ake turawa ya ce baba ba ya nan. Ya tashi da tsoron alkawari kamar yadda wasu suke tashi da tsoron kare. Da ya samu aiki a asibiti ya fara da tura keken ƙazamin kaya daga ɗakunan marasa lafiya zuwa ƙasan gini, inda injinan wanki suke ruri, tururi yana keto maka gumi tun kafin ka taɓa komai. Daga nan ya koma guga, ya koma kan inji, furfura ta fito masa a wurin, har aka ba shi shugabancin sashen. Bai taɓa yi wa kowa alkawari ba, bai kuma taɓa barin aiki ya kwana ba.

Abin da ya daɗe yana ci masa rai shi ne ƙarancin zannuwan gado da yamma. Da safe ake kwashe kayan duk ɗakuna a lokaci guda, su taru su yi tsauni a bakin inji, ba sa komawa sama sai washegari. In aka kwantar da sabon mara lafiya bayan la'asar, sai nas ta bugo waya tana faɗa, wani lokaci a shimfiɗa wa mutum zanen da 'yan'uwansa suka zo da shi daga gida. A ɗakin haihuwa kaɗai, bisa yardar babbar nas ɗin wurin, ya gwada kwasar kaya sau biyu, safe da tsakar rana, wankin safe ya koma sama kafin yamma. Wayar ɗakin ta kusa daina shigowa.

Da kwamitin gudanarwa ya ce kowane shugaban sashe ya kawo rubutaccen shirin aikinsa na baɗi, Baba ya ga dama ta samu a faɗaɗa abin. Ya rubuta shafi biyu da hannunsa. Jimlar farko ta ce idan ba damuwa, yana ganin watakila zai yi kyau a ɗan duba yiwuwar gwada canza lokacin kwasar kaya, in hali ya yi. Sauran ma haka suke, kowace tana ba ta gabanta haƙuri.

Surukinsa, mijin autarsa, shi ya fara gani. Ma'aikacin kamfanin talla ne, yaro mai kirki da son a ga ya taimaka. Ya karanta ya ce wannan ai ko shi ne a kwamiti barci zai yi, ya tafi da takardar ya dawo da ita a buge fes. Yanzu shirin ya zama gagarumin sauyi irinsa na farko, zai kawar da ƙarancin zannuwa gaba ɗaya a duk asibitin, ya rage kamuwa da cututtuka da rabi, ya mai da sashen abin koyi. Baba ya yi godiya sosai, don ba ya iya kunyata suruki. Amma ya ajiye takardar a kan talabijin yana kewaye ta, abinci ma ya rage ci, har matarsa ta kira babbar 'yarsu ta ce ta zo ta ga ubanta.

Ita babbar editar labarai ce a gidan rediyo, aikinta kullum yanke maganar da ba ta da madogara. Ta zo ranar hutunta da hantsi, suka zauna a falo, ta jera takardun biyu a kan ƙaramin tebur ta karanta. Ta yi dariya har da share hawaye, sannan ta ce ta farko ba ta faɗi komai ba, ta biyu kuma ta faɗi abin da babu wanda ya sani. Baba ya ce shi dai ya fi son tasa, ko ba komai ba za a kama shi da ƙarya ba.

"Baba, taka ma ba gaskiya ba ce," in ji ta. "Ka ce watakila a gwada. Ai ka riga ka gwada, ya kuma yi."

Bai taɓa kallon abin ta nan ba.

Ta ɗauko farar takarda ta raba ta gida uku: abin da ya riga ya faru, abin da ke hannunsa zai yi, da abin da yake sa ran gani. Ta ce kowane gida da irin maganarsa, matsalar ita ce shi ya zuba duka a gidan tsammani, mijin ƙanwarta kuma ya kwashe duka ya kai gidan tabbas. Suka fara da na farko. Da ya ce an ɗan samu sauƙi a ɗakin haihuwa, ta tambaye shi sauƙi kamar yaya, wa zai shaida. Ta sa shi ya kira babbar nas ɗin a take. Matar ta ce kafin gwajin kusan kullum suna rasa zane da yamma, a wata ukun da aka yi ana gwadawa kuwa sau biyu ne kawai, ta kuma yarda a ambace ta. Haka aka rubuta, ba ƙari ba ragi, aka cire kalmar sauƙi da kalmar gagarumi.

Gida na biyu ya fi ba su wahala. Ta rubuta cewa sashen wanki zai riƙa kwasar kaya sau biyu a rana. Baba ya ce a sa "zai yi ƙoƙarin". Ta tambaye shi wa yake raba aiki a sashen, ya ce shi. Akwai wanda zai hana shi tura keke da tsakar rana? Ya ce babu. To ƙoƙarin me? Ya murza hularsa ya ce mutum ba ya sanin gobe, a bar masa in sha Allahu. Ta ce wannan ba ta isa ta taɓa ba, amma sau ɗaya ya isa, a wurin da ya dace, ba a manna shi a wutsiyar kowace jimla don a samu hanyar zamewa ba. Ya ce ita da bakinta sai a hankali, tun tana ƙarama haka take. Daga kicin uwarta ta ce ai ba daga gare shi ta ɗauko ba.

Sai ita ma ta yi nata kuskuren. Hannunta ya saba da gajeriyar jimla, ta rubuta cewa za a yi haka a duk ɗakunan asibitin. Baba ya dafa takardar ya ce a'a, ma'aikatansa da injinansa ba za su ɗauki fiye da ɗakuna uku ba a yanzu, ɗakin haihuwa da na yara da na tiyata. Ta dube shi ta ce wannan ce magana ta farko da ya yi yau babu watakila a ciki, ta goge ta gyara.

Zancen rage cututtuka ta soke shi gaba ɗaya. Baba ya ɗan ji zafi, don ya yi imani tsaftataccen zane yana taimakawa. Ta ce ita ma ta yarda, amma babu wanda ya auna, in likita ya tambaye shi inda ya samo rabin nan duk shirin ne zai rushe tare da shi. Maimakon "kawar da ƙaranci gaba ɗaya" suka rubuta cewa ana sa ran ɗakunan biyu da za a ƙara su ga irin abin da ɗakin haihuwa ya gani, za a kuma tambayi manyan nas-nas bayan wata uku a kawo wa kwamiti abin da suka ce.

Can ta tambaye shi, a duk watakilan da ya zuba, wanne ne na gaske. Ya ce tsohon injin busarwa, ɗaya daga cikin biyun da suke da su. Injin yana wata irin ƙara, kuma in ya tsaya aikin rana ba zai yiwu a ɗakuna uku ba. Shi ya sa ya lulluɓe kowace jimla da shakka, bai kuma ambaci injin ko sau ɗaya ba, gudun kada a ce roƙo ya zo yi. Ta ce to shakkar ta koma inda take. Suka ba injin sakin layi nasa: shirin ya dogara ga injin nan, in ya lalace za a riƙe ɗakin haihuwa da na tiyata, a mai da na yara tsohon tsari har a gyara.

Ranar zaman kwamiti ya sa rigarsa da ya goge da kansa, ya karanta shafi ɗaya da rabi. Wata likita ta tambaya ko wannan zai rage kamuwa da cuta a ɗakunan. Ya buɗe baki, tsohuwar kalmar ta zo har kan harshensa, ya haɗiye.

"Ban auna ba, likita. Abin da na sani shi ne zancen zannuwa."

Ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu. Aka amince da ɗakuna ukun, aka ce zancen inji sai an duba, wanda kowa a wurin ya san ma'anarsa.

Surukin ya ɗan yi fushi da ya ji ba a kai tasa ba, ya yi mako bai leƙo ba. Baba da kansa ya je har gida ya ce masa tsarin kanun da ya yi da yadda ya jera sassan duk an bar su a cikin shirin, kuma gaskiya ne, an bar su. Suka sha shayi aka wuce wurin.

Injin ya tsaya a wata na biyu. Babbar nas ta ɗakin yara ta sauko ƙasa da kanta da niyyar faɗa, ta tarar da shi a tsugune a bayan inji tare da makanike, hannu duk baƙin mai. Ya miƙe ya gaya mata ɗakinta ya koma tsarin safe kamar yadda aka rubuta, an aika neman madadin abin da ya lalace, bai san ranar da zai iso ba, amma ranar da ya iso ita zai fara kira. Ta ce to, ta tambayi ko akwai zannuwa ko kaɗan da za ta hau da su yanzu. Ya wanke hannu, ya ɗebo mata daga kan teburin guga, da sauran ɗuminsu.