Sallamar da Maccido Ya Yi wa Masu Sayen Albasa

Maccido Lawal mutum ne da ya san albasa. Idan ya danna wuyanta da babban yatsa zai gaya maka ko za ta kai damina a ajiye, ko nan da mako uku za ta zama ruwa. A kasuwar Illela ya koya, yana ɗaukar buhu, kuma bai taɓa yin wata sana'a ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wani kamfani da ke sayen albasa daga manoman Lafani da Kalmalo, ya adana ta, ya loda wa manyan motoci su ratsa ta Konni zuwa Kumasi da Abijan. Da tantance kaya ya fara. Daga baya ya zama shi ke magana da masu saye, don yana jin Faransancin kasuwa, kuma idan ya ce mota za ta tashi Talata to Talatar za ta tashi.

A shekararsa ta huɗu kamfanin ya kawo takardu daga Sakkwato, da Turanci, shafi shida. Manaja Faruk ya ce tsari ne kawai. Duk ma'aikata suka sa hannu a tsaye, Maccido ma ya sa, ya koma wurin sikeli.

Aikin bai gundure shi ba. Tafiya ce ta yi masa yawa, ga gwiwa ta fara ciwo. Da Alhaji Bashar, wanda ya buɗe irin wannan kamfani a hanyar Darna Sabon Gari, ya neme shi a shekararsa ta goma sha ɗaya, sai ya amsa. Ya ba da sanarwar wata guda kamar yadda doka ta ce, ya mayar da wayar ofis da mabuɗin sito. Sannan ya yi abin da duk wanda aka yi wa tarbiyya zai yi. Mutum ba ya barin waɗanda ya yi shekaru yana hulɗa da su babu sallama. Lambobin masu saye arba'in da ɗaya suna cikin wayarsa ta kansa, tun lokacin da ta ofis ta lalace ya kwashe su. Washegarin barinsa aiki ya ɗauki saƙon murya ya tura musu duka. Ya ce ya gode, duk wanda ya saɓa wa ya yafe masa, shi ma ya yafe. A ƙarshe ya ƙara da cewa yanzu yana wurin Alhaji Bashar, idan Allah ya kawo su Illela su leƙo a gaisa.

Kwana goma sha biyu bayan nan wani mutum a kan babur ya kawo masa ambulan har ƙofar gida, ya ce ya sa hannu ya karɓa. Maccido ya ga hatimin lauya, ya ga sunansa da manyan baƙaƙe. Bai iya karanta sauran ba.

Matarsa Shafa'atu tana koyarwa a firamare, ita ta karanta masa a tsakar gida. Tana karantawa tana tsayawa.

"Malam, ka sa hannu a kan cewa in ka bar su ba ka aikin albasa shekara biyar?"

"Shekara mi?"

"Biyar. Duk Arewa, har da Nijar. Kuma sun ce ka ɗauki sirrinsu. Sun ba ka kwana bakwai ka bar wurin Alhaji Bashar, in ba haka ba kotu."

"Wane sirri? Buhu ɗaya ban ɗauka ba."

"Sun ce ka yi wa mutanensu magana."

"Gaisuwa nay yi."

Ta ninke takardar ta riƙe a hannu.

Shekararsa arba'in da bakwai, 'ya'ya shida, ba gona ba shago. Ya yi ta juya shekara biyar ɗin a ransa. Idan an hana shi taɓa albasa duk Arewa har da Nijar, bai san abin da zai taɓa ba. Kwana uku ya yi yana zuwa aiki ta bayan tasha don kada ya wuce gaban ofishin 'yan sanda. In babur ya tsaya kusa da shi sai ya waiga da sauri. Tuwo ya daina shiga. A masallaci yana ganin kamar kowa ya ji, kamar ana cewa ga wanda ya ci amana.

Alhaji Bashar ma an aika masa tasa takardar. Ya kira Maccido ofis, bai ce ya zauna ba.

"Maccido, ni ban son kotu. Ka tafi Sakkwato ka ga Barista Haula, ga lambarta. Kahin nan kar ka ɗauki wayar kowa."

Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon magani. Ta karanta shafi shidan nan da takardar lauyan a tsanake, shi kuma yana zaune a bakin kujera, hularsa a gwiwa.

"Ranki ya daɗe, ɗaure ni za a yi?"

"A'a. Wannan saɓa yarjejeniya ce, ba aikin ɗan sanda ba ne. In sun kai ƙara, kotun ma'aikata za su je."

Ya sauke numfashi, amma ta ɗaga hannu.

"Abu biyu ne a nan, kar ka haɗa su. Na farko hana ka aiki. Kotu ba ta son a hana mutum neman abinci. Tana yarda da irin wannan sharaɗi ne kawai in yana da iyaka mai ma'ana, a lokaci da wuri, kuma akwai wani abu na gaske da kamfani ke karewa. Su ne za su nuna hakan. Dokar gasar kasuwanci ma shekara biyu ta ambata. Shekara biyar, Arewa duka da Nijar, ga mai tantance albasa, ina ganin da wuya ya tsaya. Ban yi maka alkawari ba, alƙali ne zai faɗa."

"To alhamdu lillahi."

"Ban gama ba. Na biyu sirri. Wannan yana nan ko ka bar aiki. Abin da hannunka ya iya naka ne, ba mai ƙwace shi. Amma jerin masu sayensu, da farashin da suke ba kowa, nasu ne. Ka ba Alhaji Bashar lambobin?"

"Wallahi ban ba shi ba."

"Farashi?"

"Ko ɗaya."

"Kunna mini muryar."

Ya kunna. Muryarsa ta cika ɗakin, yana godiya, yana neman gafara. Da aka kai wurin sunan Alhaji Bashar sai ta rufe ido.

"Malam Maccido, da ka tsaya a 'ku yafe mini' da aikina ya yi sauƙi."

"Ai ba a barin mutane haka nan. In sun zo ba su gan ni ba, mi za su ce?"

"Na sani. Babana ma haka zai yi. Amma lauyansu zai ce ka ɗauki jerin kamfani ka yi wa abokin gasarsu talla da shi. A cikin mutum arba'in da ɗayan nan, wani ya koma saye wurin Alhaji Bashar?"

Maccido ya duƙar da kai. "Biyu."

Ta rubuta. Ƙarar alƙalamin a kan takarda ya ji har cikin haƙoransa.

Kwana bakwai suka cika, bai bar aikin ba, don ta ce kada ya bari. Kamfanin ya shigar da ƙara, ya kuma nemi kotu ta dakatar da shi daga aiki har a gama shari'a. Mako biyar ya yi yana jira. Ya rame. Lokacin cire albasa ya zo, motoci suna ta shigowa daga gonaki, shi kuwa yana tantancewa hankalinsa na kotu, har wata rana ya wuce da buhun da ya fara ruɓa, abin da bai yi ba tun yana saurayi.

Ranar zama ya sa farar riga ya bi motar safe zuwa Sakkwato. Manaja Faruk yana can a bencin gaba. Shekara goma sha ɗaya suna cin abinci a tire ɗaya, ranar nan ko ido ba su haɗa ba. An yi ta Turanci. Ya ji an kunna muryarsa a gaban alƙali, ya ji kansa yana cewa a yafe masa.

A waje Barista Haula ta fassara masa. Alƙali ya ƙi dakatar da shi daga aiki. Amma ya ba da umarni kada ya yi amfani da jerin masu sayen, kada ya bayyana wa kowa, har a gama. Ya kuma ce su je su gwada sulhu.

Sulhun ya ɗauki wata guda. Kamfanin ya janye maganar shekara biyar. Maccido ya yarda a goge lambobin daga wayarsa a gaban lauyoyin biyu, kuma shekara ɗaya ba zai yi ciniki da ko ɗaya daga cikin mutum arba'in da ɗayan ba, ko da su suka neme shi. Wannan karon sai da aka karanta masa kowane layi da Hausa, ya sa aka maimaita biyu, sannan ya sa hannu. Kotu ta karɓi takardar ta zama hukunci. Barista ta ce in ya saɓa yanzu, umarnin kotu ya saɓa, kuma wannan kam yana iya kai mutum gidan yari.

Ya kai wa Alhaji Bashar labari yana tsammanin zai ji daɗi. Alhajin ya saurara yana juya carbi.

"Ke nan shekara guda ba ka magana da mutanen Kumasi."

"Waɗancan dai. Akwai wasu."

"Waɗancan su ne kasuwar, Maccido."

A nan ya gane abin da aka ɗauke shi dominsa. Ya ce, "Alhaji, albasa dai na san ta."

"Ban musa ba." Alhajin ya ajiye carbin. "Akwai rudu talatin na ajiyar albasa a Darna, mun cika su, ana ta asara. Ka koma can ka riƙa duba ajiya. In damina ta faɗi mun ga abin da ya rage, sai mu sake magana."

Washegari ya hau babur zuwa Darna. Rudun suna jere a fili, rumbunan kara da ciyawa a kan ƙafafun itace, rana tana dukansu. Ya buɗe na farko, wari ya fito. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a kan gwiwar mai ciwo, ya fara fitar da su ɗaya bayan ɗaya, mai kyau dama, ruɓaɓɓiya hagu. Zuwa azahar ya gama rudu ɗaya da rabi. Saura wata biyu ruwa ya sauka.