Daraja ta Ɗaya

Malam Sodangi na Ƙofar Dundaye mutum ne da Allah ya hore wa baki. Shekara goma sha tara ya yi yana akawun ma'aikata a wata ma'aikatar gwamnati a Sakkwato, kuma duk takardar da ta zo da Turanci mai tauri shi ake miƙa wa ya warware ta da Hausa. Yana alfahari da wannan, har yakan yi wa kalma ado fiye da yadda ta zo. Adon nan ne ya ja masa.

A 1975, lokacin da kuɗin mai ya cika hannun gwamnatin soja, aka yi gyaran albashin da ya jera ayyukan gwamnati a matakai goma sha bakwai, na ɗaya a ƙasa, na sha bakwai a ƙoli. Sodangi ya ga kalmar mataki ta yi masa tsirara, sai ya ce daraja. Da ita ya riƙa raba wa ƙananan ma'aikata takardunsu, yana faɗa wa kowa lambarsa, bayani kuma sai ranar Litinin.

Cikinsu akwai Baba Mani mai gadin ƙofa, dattijon da ya shekara ashirin da huɗu a bakin ƙofar nan. Shi ne ya shigar da Sodangi wurin babban akawu ranar da ya zo neman aiki da aron takalmi, kuma tun daga ranar ba ya kiransa da komai sai ɗana. Dattijon ya ji an ce masa daraja ta ɗaya. To, a da direba mai lamba ɗaya shi ne babban direba, haka ma mai buga tafireta. Me kuwa zai hana dattijo ya ɗauka an tuna da shi? Kafin Juma'a ya raba goro a Ƙofar Kware, matarsa Hajjo ta yi waina sadaka, liman ya yi addu'a.

Labarin ya iske Sodangi ranar Asabar. Ya yi niyyar zuwa gidan, kunya ta hana shi. Wannan ragwanci ne, shi ma daga baya bai kira shi da wani suna ba.

Ranar Litinin aka taru a gindin dogonyaro, masinjoji da direbobi da masu shara, Baba Mani a sahun gaba da sabuwar hula. Sodangi ya yi bayani, kuma tsakani da Allah bayanin ya fita. Ya ce ba mutum aka auna ba, aiki aka auna: ilimin da yake bukata, nauyin da ke kansa, yawan mutanen da mai shi ke kula da su, da girman ɓarnar da kuskure a cikinsa zai jawo. Ayyukan da nauyinsu ya zo ɗaya an haɗa su wuri ɗaya, ko a wace ma'aikata suke. Kowace daraja kuma tana da 'yan hawa a cikinta, duk shekara a ɗaga mutum hawa guda har ya kai na ƙarshe, daga nan ba gaba sai in an ba shi wani aikin da ya fi nauyi. Sannan ya ce ƙidayar daga ƙasa take farawa.

Baba Mani ya tambaya a hankali ko Junaidu, mai buga tafiretar da aka ɗauka bara, yana ina. Sodangi ya ce ta uku. Ya yi sauri ya ƙara da cewa albashin Baba ya ƙaru sosai, kuma darajarsa a wurin mutane tana nan, aikin gadi kawai aka auna.

"Na ji, aiki anka auna," in ji dattijon. "To aikin, wa ka yin shi?"

Sodangi, mai amsar kowace tambaya, ya tsaya yana juya takarda.

Baba Mani bai kai ƙara ba, bai bar aiki ba. Ya ci gaba da buɗe ƙofa har shekara uku. Sodangi ya daina cewa daraja, ya koma mataki, kuma duk wanda zai ba takarda sai ya fara gaya masa ta ina ƙidaya take farawa. Shi kansa ya hau har mataki na takwas, ya sayi babur.

Abin da bai dawo ba shi ne sunan. Tun daga Talatar da ta biyo bayan taron nan, duk safiya in ya iso, dattijon kan miƙe daga bencinsa, ya rusuna, ya ce, "Ranka shi daɗe." Sodangi ya roƙe shi ya bari, ya aika Hajjo ta roƙe shi. Har Allah ya karɓi ransa, Baba Mani bai sake ce masa ɗana ba.