Layin Ɗigon Malam Falalu

A wani ɗakin gwajin jini da ke Gyadi-Gyadi, Malam Falalu ne mai buga sakamakon awon suga, kuma shi ke kiran duk wanda nasa ya hau ya dawo maza. Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. Abokan aiki kan ce ko tuwo aka ba shi sai ya daidaita gefensa kafin ya ci.

Tsohuwar kwamfutar wurin rubutu zalla take fitarwa, kowane harafi faɗinsa ɗaya. Tun yana saurayi ya tsara mata: gurbi shida ga kowane sakamako, lamba ɗaya tak bayan ɗigo, ko biyar cif ne sai an rubuta 5.0, ragowar guraben a bar su fanko ta hagu. Sai ɗigogin su sauko a miƙe kamar zare. Wanda ya kai goma kuwa, lambarsa sai ta leƙo hagu, ta fita daga sahu.

Wannan leƙowar ce ta rufa masa asiri lokacin da ciwon sugan ya kama shi ma, har ya ci idonsa. Ya daina bambance uku da takwas, amma yana ganin abin da ya fita sahu. Sai ya sa yatsa a kai ya ce wa ma’aikaciyar jinya, “Nana Fatima, kira min wannan.” Bai faɗa wa kowa matsalar idon ba. Tsoro yake ji, don da aikin nan yake riƙe da gida a Tarauni, kuma wa zai ɗauki mai buga lamba da ba ya gani?

Sai Hajiya Saudatu mai wurin ta sayo sabon tsarin kwamfuta, mai kyau kam, har da launi. Shi kuwa daga hagu yake jera komai, wani sakamakon da lamba biyu bayan ɗigo, wani da ɗaya. Ɗigogi suka watse. 5.42 da 27.3 tsawonsu ya zama ɗaya.

“Hajiya, a daidaita su ta dama mana, ɗigo ƙarƙashin ɗigo.”

“Haba Malam, ai lambar na nan. Karantawa kawai za ka yi.”

Ya koma kan kujerarsa.

Mai 27.3 ɗin wata dattijuwa ce daga Unguwar Gano. Ba a kira ta ba, sai a sume aka kai ta asibiti. Ta rayu, da ƙyar. Hajiya ta miƙa masa takardar ta ce ya karanta a gabanta. Ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta, ya ajiye. Hajiya har hawaye ta yi, amma ta sallame shi.

Yanzu yana zaune a zaure. Ranar da ’yarsa Zulaihat ta karɓo masa nasa sakamakon, bai ce ta karanta ba.

“Lambobi nawa ne kafin ɗigon?”

“Biyu, Baba.”

“To, na fita sahu,” ya ce. “Ba wanda ya kira ni.”