Saƙon Baba a kan jirginsa

Ina aji biyu na sakandare ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Aka kai shi gidan Baffa a Yelwa saboda kusa da asibiti, ni da Inna muka zauna a Wara. Bakinsa ya karkace. In mun kira, numfashinsa kawai muke ji. Amma ya taɓa yin ajin yaƙi da jahilci, kuma hannun hagu na motsi, sai ya riƙa turo saƙo a waya. Kalma ɗaya takan ci masa rabin wuni.

Da farko nakan rubuta, “Baba, me kake nufi?” Sai shiru har kwana biyu. Daga baya na gane tambayar ce ta yi masa nauyi. Na koma jera masa abin da nake zato, kowanne da lambarsa, shi kuwa ya danna lamba guda. Da ya rubuta “koma”, na jera uku, ya danna biyu: a ɗauke komar kamun kifinsa daga inda ɓeraye suke.

Wata Asabar da hantsi saƙo ya shigo: “jirgi”.

“Mi ya ce?” in ji Inna, tana juya kifi a kan banda.

Na gaya mata. Lokacin ruwan tafki ya fara janyewa, jirgin na zaune a kan laka, rana na cin katakonsa. Muka jera: ɗaya, a tura shi cikin ruwa. Biyu, a ba Kawu ya yi kamun kifi da shi kafin ka dawo. Huɗu kullum ita ce “ba ko ɗaya”. Gurbin uku ya rage.

“Inna, in sa sayarwa?”

“Ubanki? Ya sai da jirgin nan? Sa mana, ko ya yi dariya.”

Na sa.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Uku.

“Yatsa ne ya zame,” in ji Inna. “Biyu yake so. Sake tambaya tai.”

Na rubuta: “Baba, uku sayarwa ce. Ɗaya, e. Biyu, kuskure ne.” Na daɗe ina kallon rubutun kafin in tura. Wannan karon ko minti biyar bai yi ba. Ɗaya.

Na gaya wa Inna. Kifin ya fara ƙauri, ni na janye itacen. Tun da aka tafi da Baba Inna take cewa da faɗuwar damina zai dawo ruwa, ni ma haka nake gaya wa 'yan ajinmu.

Mai saye ya zo daga wajen Shanga ranar Laraba. Ya ƙwanƙwasa katakon, ya tambayi Inna ko mai jirgin ya rasu ne.

“Yana nan da ransa,” ta ce. “Shi ya ce a ba ka.”