Ɗigo Ashirin na Ɗan Saga

A lise, wato babbar sakandare, shekarun da tutar 'yancinmu ba ta ko fara koɗewa ba, bencinmu ɗaya da wani Bazabarme ɗan Saga, can bakin kogi. Ni Bagobiri ne na Zongo, abokan wasa muke da Zabarmawa, don haka bawana nake kiransa, shi ma haka yake kirana. Kansa kuwa, in ka jingina da shi sai ka iya lissafi. Sunansa na cikin waɗanda za a ba bursu, wato tallafin karatu, su tafi waje karatun haɗa magani, har kakarsa ta fara tara masa ciwukanta.

A ɗakin gwaji biyu-biyu muke aiki. Asid mililita ashirin a kwalba, a ɗiga maganin da ke rina shi, sannan a sako ruwan soda daga biret, doguwar kwalbar nan mai famfo da ma'auni, har ruwan ya yi ja-ja kaɗan. Shi ke riƙe famfo, ni ke kallon launi. Da ya sauya sai in kwarma ihu, "Ja ya zo!" har masunta su ji a kogi. Kullum muna dacewa.

Ranar gwajin da za a saka makinsa a takardun bursu, zazzaɓi ya kayar da ni. Ya yi shi kaɗai. Sau uku yana yi, sau uku yana samun mililita ashirin da ɗaya, alhali 'yan aji duk suna bakin ashirin. Ƙarfin asid ɗin 0,100 ne, nasa lissafin ya ba da 0,105. Ya ɗebe, ya raba bambancin da na gaskiya, ya ninka da ɗari: kuskure biyar cikin ɗari.

Ya same ni kwance a gida.

"Bawana, tashi ka ga abin da rashin bakinka ya jawo."

Na duba takardarsa, na ce, "Wannan ce matsalar? Rubuta abin da kowa ke rubutawa."

Akwai dalilai uku da 'yan lise ke gada daga aji zuwa aji, kamar tsohon wando: kumfar iska a bakin biret, karanta ma'auni a karkace, ɗigon ƙarshe da ya zarce. Ana kwafe su a sashen bayanin kuskure, Mushe, Bafaranshen da ke koya mana, ya sa hannu yana hamma.

"Ɗigo ɗaya rabin ushirin mililita ne," in ji shi. "Ni ɗigo ashirin na zarce. Kumfa kuwa na fitar da ita kafin in fara. Ko ta ɓuya mini, ba za ta dawo sau uku da girma ɗaya ba."

"To ka ce soda ta sha iska ta yi sanyi."

"Daga kwalba ɗaya duk muka ɗiba. Ni kaɗai ta yi wa sanyi?"

"Ka ce aljanin kogi ne, mana! Ku ne danginsa."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "In ka yi ihun nan, me kake gani?"

"Ja-ja, kamar an wanke goro a ruwa."

"Ni ruwa kawai nake gani. Sai ya yi duhu nake sanin ya sauya. Na ɗauka saurin baki ne da kai."

Sai na tuna ɗanyen tumatir da yake sayowa a kasuwa, da taswirar da ya shafa wa launin ganye a inda aka ce ja. Shekaru ina kashe 'yan aji da dariya da waɗannan.

Na roƙe shi. Na ce ya ɗauki dalilan gado, ko Mushe ya rage masa maki biyu bursu na nan. Ya ce wanda zai auna wa mutane magani ba zai fara da wannan ba.

Na karanta abin da ya rubuta. Ya jera dalilan nan uku, ya nuna duk tare ba za su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ya ce kuskuren da ke karkata gefe ɗaya kullum, da girma ɗaya, ba tsautsayi ba ne, daga abin awo yake. Layin ƙarshe: "Abin awon da ke da aibi a nan idon mai gwajin ne."

Mushe ya ba shi makin da bai taɓa ba kowa ba, ya karanta wa aji. Sannan ya tura shi wajen likita, ya ce ba zai iya ɓoye abin da aka rubuta masa ba. Likita ya buɗe masa hotunan ɗige-ɗige masu launi, ya ce ya faɗi lambar da ke ciki. Bai ga lamba ba. Aka cire sunansa daga masu bursu.

Ya ƙare yana akawun shinkafa a Saga. Bara na kai masa ziyara, duk mun yi furfura. Ya ja ni lambunsa, ya tsinko tumatir ya ɗaga mini.

"Bawana, ja ya zo?"

Ɗanye ne shar. Na miƙa hannu na karɓa.