Jakar da Ta Ruɗi Ya'u Baduku

"Ka ga jakar Mamuda mai jirgi? Tana ta ɗayewa kamar saɓar maciji."

"Wadda Ya'u ya ce fata ta?"

"Ita fa. Tsufa ya zo."

Ya'u yana bayan rumfarsa a kasuwar Yelwa, basilla a hannu, ya ji hirar masu wucewan nan sarai. Shekara talatin da wani abu yana dukanci a nan, kuma ba a taɓa kama shi da kuskuren fata ba. Mai son sayen takalmi ko jaka sai ya fara biyowa ta wurinsa. Ya shinshina, ya danna da babban yatsa ya ga ko za ta yi 'yan ƙananan tamoji, ya juya ciki. Ta gaske, cikinta gashi-gashi ne. Ta roba, yadi ne manne a bayanta. Yakan ce ta gaske duhu take ƙarawa da laushi in tana shan mai, ta roba kuwa ranar da aka saye ta ta fi kyau.

To ita wannan me ya faru?

Da la'asar ya aika aka kira Mamuda. Ya shigo yana dariya, jakar a kafaɗa.

"Baba Ya'u, wata biyar kacal! Ko hancin ya yi ritaya?"

"Miƙo ta nan, sarkin surutu. A ina ma na duba maka ita?"

"Bakin ruwa, wajen masu banda."

Ya'u ya gyaɗa kai. A cikin hayaƙin kifin nan, ko tunkiya ba zai shinshino ba. Kuma jirgi na shirin tashi zuwa Wara, ciki kawai ya leƙa, ya ga gashi-gashi, ya ce saya.

Yanzu ya farke ɗinkin gindin, ya sa farce inda take ɗayewa, ya ja. Wani siririn ɓawo mai sheƙi ya taso yana miƙewa kamar leda. Ya kai shi ga hasken rana: ɗigo-ɗigon jikinsa duk iri ɗaya, a jere, bugun inji. Ƙarƙashinsa kuwa fata ce. Ya shinshina sau biyu. Fata ce, ba shakka.

"Ikon Allah! Tsaga ta suka yi gida biyu. Sun ɗauke fuskar, sun shafe sauran da roba."

"Ke nan ba ka yi kuskure ba?"

"Na yi mana. Na duba bayanta, ban duba fuskarta ba."

Ya daɗe yana jujjuya ɓawon tsakanin yatsunsa, har ya manta da mutum tsaye a kansa. Can ya ɗago.

"Mamuda, zan ɗinka maka wata da jar fatar akuya. Wagga kuwa, don Allah bar mini ita in rataye a bakin rumfa, duk wanda ya tambaya ka ce mishi ita ta kayar da Ya'u."